Yadda ake neman amincewar wanda bai iya karatu ba kafin a sa shi cikin bincike

Duk mai shirin shiga ƙauye da takardun bincike a ƙasar Hausa ya kamata ya san abin da ya faru a Kano a 1996, domin mutanen da zai tarar sun sani, ko da ba su riƙe shekarar ba. A wannan shekara annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. Ana tsakiyar annobar kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana, a kan yara wajen 200. An ba rabinsu sabon maganin, rabin kuma aka ba su wanda aka riga aka sani. Yara 11 sun rasu, wasu kuma sun nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, iyayen suka yarda da baki. Iyaye da yawa suka ce su ba su san gwaji ake yi ba, sun ɗauka magani kawai ake ba 'ya'yansu, kuma babu wanda ya gaya musu cewa a cikin asibitin akwai likitocin agaji da ke ba da sanannen magani kyauta. Babu takardar amincewa da aka iya nunawa. An yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane suka riƙa kawowa hujja.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne dangwala yatsa ba shi ne amincewa ba. Shaida ce kawai cewa an yi wata magana. Amincewa ita ce mutum ya gane abin da za a yi masa, ya san yana da ikon cewa a'a ba tare da ya rasa komai ba, sannan ya ce e. Dukan matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na tabbatar da waɗannan abubuwa uku.

Domin kada magana ta tsaya a sama, mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce za a kwatanta magungunan zazzaɓin cizon sauro guda biyu a kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Za a raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Za a riƙa tsira musu allura a yatsa a ɗebi ɗigon jini ranar farko, sannan uwa ta dawo da yaro a rana ta 1, 2, 3, 7, 14, 21 da 28, kamar yadda aka saba a irin wannan bincike. Yawancin iyayen ba su iya karatun boko ba.

Mataki na farko: izinin kwamiti kafin komai

Ba a fara ɗaukar ko mutum ɗaya sai kwamitin ɗa'ar bincike ya duba tsarin ya ba da izini a rubuce. A Najeriya akwai kwamitin ƙasa, NHREC, wanda ya fitar da ƙa'idojin binciken lafiya a 2007, kuma shi ke yi wa kwamitocin asibitocin koyarwa da na ma'aikatun lafiya na jihohi rajista. Nijar ma tana da nata kwamitin ƙasa. Abin da mutane ke mantawa shi ne kwamiti ba tsarin binciken kaɗai yake amincewa da shi ba, har da hanyar neman yardar mutane. Saboda haka a rubuta masa filla-filla: za a karanta wa uwa bayani da Hausa, ga wanda zai karanta, ga irin wanda zai tsaya shaida, ga yadda za a dangwala yatsa. A haɗa masa da fassarar Hausar kanta. Takardar da ba ta ɗauke da hatimin kwamiti ba a shiga da ita fili, kuma ranar da ke jikin izinin dole ta riga ranar da aka ɗauki yaro na farko. A shari'ar Trovan wasiƙar izinin da aka gabatar ta zama abin tuhuma ne daidai a kan wannan batu na kwanan wata.

Mataki na biyu: takardar da kunne zai ɗauka

Ƙa'idojin Najeriya sun ce kada takardar amincewa ta wuce shafi takwas, kuma a rubuta ta yadda wanda ya yi shekara tara a makaranta zai gane. Ga uwar da ba ta shiga aji ba, wannan ma ya yi tsauri. Takardar da za a karanta da baki daban take da wadda za a karanta da ido, domin mai saurare ba zai iya komawa baya ya duba ba. Jimloli su zama gajeru, magana ɗaya a kowace jimla, kuma abin da ya fi nauyi ya zo a farko.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce mutum ɗaya ya fassara zuwa Hausa, wani daban wanda bai ga asalin ba ya mayar da ita harshen farko, a kwatanta a ga inda ma'ana ta zame. Bayan haka a karanta wa mata biyar ko shida daga wani ƙauye na kusa, ba inda za a yi aikin ba, a tambaye su abin da suka ji. Nan ne kurakurai ke fitowa. Misali, in aka ce wa uwa “za a yi wa yaronki gwaji”, abin da za ta ji shi ne gwajin jini na yau da kullum wanda take zuwa asibiti dominsa. Dole a faɗi abin a fili: “Muna da magani iri biyu. Ba mu san wanda ya fi aiki a wannan yanki ba. Muna so mu gano, shi ya sa muke neman yara su shiga.” Wannan jimla ta “ba mu sani ba” tana yi wa ma'aikatan lafiya nauyi a baki, ga shi kuwa ita ce ke raba bincike da jinya. Wanda ya cire ta ya cire amincewar gaba ɗaya.

Awo ma a faɗe shi da abin da ake gani a gida. Kada a ce mililita biyar, a ce cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A misalinmu ɗigo ne kawai daga yatsa, to a nuna mata gilashin da ake ɗiga jinin a kai ta gani da idonta. A gaya mata inda za a kai jinin, tsawon lokacin da za a ajiye shi, da ko za a fitar da shi ƙasar waje. Jita-jitar cewa ana sayar da jinin mutane tana samun gindin zama ne a inda aka bar wannan tambaya ba amsa. In a yankin akwai masu karanta ajami, kuma a ƙauyuka da yawa suna nan, a yi kwafi da ajami a kai wa kwamiti shi ma. Mutumin da aka rubuta “bai iya karatu ba” a gaban sunansa sau da yawa ya sauke Alƙur'ani, boko ne kawai bai yi ba.

Mataki na uku: sallama da gari

Ba a shiga gari ta bayan gida. A fara da hakimi, a sauka wurin dagaci da mai unguwa, a ga liman, a ga shugabar mata da ungozoma. A yi musu bayani iri ɗaya da wanda za a yi wa iyaye, ba wanda aka ƙawata ba. Sai dai a nan akwai tarko. Izinin dagaci izini ne na shiga gari, ba amincewar kowace uwa ba ne. In mai shela ya zagaya yana cewa “Mai gari ya ce kowa ya kai ɗansa”, an gama da zaɓi tun kafin a fara. Don haka a roƙi dagaci da kansa, cikin ladabi: “Ranka ya daɗe, muna so a sanar cewa wanda ya ga dama ya zo ya ji bayani, wanda bai so ba babu laifi a kansa, kuma ba za mu kawo maka sunan wanda ya ƙi ba.” A rubuta wa mai shela kalmomin da zai faɗa, a sa wani ya bi shi ya ji. Kuma a cika alkawari, kada sunan wanda ya ƙi ya kai fada ko da wasa.

Mataki na huɗu: wa zai yi bayani, a ina, yaushe

Likitan da ke duba yaron bai kamata ya zama mai neman amincewa ba. Uwar da ɗanta ke zafi a hannunta ba za ta iya kallon mai farar riga ta ce masa a'a ba, tana tsoron kada ya yi fushi ya bar mata yaro. A samu wata ma'aikaciya daban, mace in da hali, mai jin Hausar yankin, wadda aka horar a kan wannan aiki. In uwar Bafulatana ce ko Babarbariya wadda Hausarta ta kasuwa ce kawai, a nemo mai jin harshenta.

Wurin zama ya kasance ɗaki ko inuwa inda layin masu jira ba sa ji. A zauna daidai da ita, in tabarma ce tabarma. Kafin a ambaci bincike, a fara tabbatar mata da cewa za a yi wa yaron magani yau ko ta yarda ko ba ta yarda ba. In yaron yana cikin mawuyacin hali, yana suma ko ba ya iya shan nono, babu zancen bincike a lokacin, jinya ce ta zo farko.

Sai maganar miji. A gidaje da yawa mace ba za ta yanke irin wannan shawara ba sai da sanin maigida, kuma mai bincike da ya yi kamar bai san haka ba zai jawo mata fitina bayan ya tafi. A tambaye ta: “Akwai wanda kike so ki shawarta?” In ta ce maigida, a ba ta lokaci, ko a kira shi a waya ta yi magana da shi in ya tafi cin rani. Amma a kiyaye iyaka. A binciken da ya shafi jikin matar kanta, yardar miji ba ta maye gurbin tata, kuma in ya ce e ita ta ce a'a, a'a ɗinta ake bi. A kan yaro kuwa, kwamiti ne zai faɗi ko yardar ɗaya daga cikin iyaye ta wadatar, haka nan shi zai faɗi yadda za a yi da uwar da ba ta kai shekara 18 ba. A nemi wannan amsa tun a ofis, kada a tsaya ana ƙirƙirarta a gaban mai jego.

Mataki na biyar: shaida

Wannan ne wurin da aka fi yin ha'inci ba tare da an ɗauke shi ha'inci ba. Ƙa'idar duniya ta gwajin magunguna ta ce in mutum bai iya karatu ba, dole a samu shaida mai zaman kansa ya zauna tun daga farkon bayani har ƙarshe. Aikinsa shi ne ya bi takardar da ido yayin da ake karantawa, ya tabbatar abin da aka faɗa shi ne abin da ke rubuce, kuma uwa ta yarda don kanta. Saboda haka dole ya iya karanta harshen takardar, kuma kada ya kasance yana cin albashi ko alawus daga binciken. Direban tawaga ba shaida ba ne. Ma'aikacin da ke auna zafin jiki a ɗaki na gaba ba shaida ba ne. Ɗan dagaci ma ban ba da shawararsa ba, domin gabansa uwa ba za ta saki jiki ba.

Mafi kyau uwa ta zaɓi wanda ta yarda da shi: ƙanwarta da ta yi sakandare, malamar Islamiyya, maƙwabciya. In ba ta da kowa, a ba ta zaɓi daga cikin mutane biyu ko uku na gari da aka tanada, ta kuma san tana iya ƙin kowannensu. Alamar da mai sa ido a kan binciken zai gane an yi maguɗi ba ta da wuyar gani: sa hannun mutum ɗaya a takardu arba'in a yini guda. Bayani na gaskiya kan ci minti talatin zuwa arba'in, to a lissafa a gani ko yinin zai ɗauka.

Mataki na shida: bayanin kansa, da yadda ake gane an fahimta

Kada a karanta takarda daga sama har ƙasa sannan a ce “Kin gane?” Amsar kullum “Na gane” ce, ko “To”, ko “Yadda kuka ce, Malama”. Kunya ce da kara, ba fahimta ba. A yanka bayanin gunduwa-gunduwa, bayan kowace gunduwa a nemi ta maimaita da bakinta. A ɗora nauyin a kan mai bayani, yadda ba za ta ji ana yi mata jarrabawa ba: “Maman yaro, ina so in tabbatar na yi bayani daidai. In kin koma gida maigida ya tambaye ki me aka ce, me za ki gaya masa?”

Ga yadda abin yakan kasance a batun ƙuri'a, wanda shi ya fi wuyar shiga. Ma'aikaciya ta yi bayani, ta tambaya: “Wane ne zai zaɓi maganin da za a ba shi?” Uwa ta ce: “Likita mana, ai shi ya san wanda ya dace da shi.” Wannan amsa ta nuna ba ta gane ba, kuma in aka karɓi yatsanta a nan an zalunce ta. Sai ma'aikaciya ta ɗauko ambulan biyu a rufe ta ce: “Inna, kin san yadda ake ƙuri'a a adashi don a ga wadda za ta fara ɗauka? Haka za a yi. Ni ban zaɓa ba, likita bai zaɓa ba. Abin da ya fito a ambulan shi za a ba shi.” Ta sake tambaya ta wata fuska: “Yaron maƙwabciyarki zai iya samun wani magani daban da na naki?” In ta ce e, ta kuma faɗi dalili, an wuce.

Abubuwa biyar ne ba a wucewa sai ta faɗe su da kanta: cewa wannan bincike ne ba jinyar yau da kullum ba, cewa ƙuri'a ce ke zaɓen magani, abin da za a yi wa yaron da yawan dawowa, illar da za ta iya faruwa, kamar amai ko ƙaiƙayi, da inda za ta kawo shi ko da dare ne, da cewa tana iya ƙi yanzu ko ta janye daga baya, a ci gaba da duba ɗanta kamar kowa. In ta kasa ɗaya, a sake bayani da wasu kalmomi. In an sake har sau biyu ko uku ba ta kama ba, ba a sa yaron. A yi masa magani, a gode mata, a sallame ta da mutunci. Na san wannan yana rage adadi, kuma na san akwai matsin cika adadi daga sama, amma shugaban bincike da ke biyan ma'aikata bisa yawan waɗanda suka ɗauka shi ya koya musu tsallake wannan mataki.

Kuɗin mota ma a faɗe shi daidai. A biya abin da zuwa da komowa ke ci, da ɗan abin da zai rufe yinin da ta rasa, a adadin da kwamiti ya amince. Kada a buɗe magana da shi. In kuɗin ya kai yadda matalauciya ba za ta iya kau da kai ba, ya tashi daga ramuwa ya koma saye.

Mataki na bakwai: dangwale

Sai yanzu ake fito da tawada. Uwa ta dangwala babban yatsanta a gurbin da aka tanada, shaida ya rubuta sunanta kusa da dangwalen, ya rubuta nasa, ya sa hannu da kwanan wata da hannunsa. Mai bayani ma ta sa nata hannu a ranar. Kwafi biyu ake yi, ɗaya na ofis, ɗaya na uwa, ko da ba za ta iya karantawa ba, domin wani a gida zai karanta mata, kuma lambar wayar mai bincike da ta kwamiti suna jiki. A nuna mata lambobin da yatsa a gaya mata wacce ce ta kai ƙara.

Wasu suna tsoron dangwale, don sun san shi a takardar gona, ta bashi ko ta zaɓe. A gaya mata a fili cewa wannan ba ya ɗaure ta da komai. In ta yarda da binciken amma ta ƙi tawada, ƙa'idojin Najeriya sun ba da damar a naɗi muryarta gaban shaida, muddin kwamiti ya amince da hakan tun farko. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne a kama hannunta a danna, ko wani ya rubuta sunanta a matsayin sa hannunta. Kuma babu tsira allura, babu buɗe ambulan, sai bayan an gama wannan. Mai sa ido yana kwatanta lokacin da ke jikin takardar amincewa da lokacin da ke jikin samfurin jini na farko, don haka a riƙa rubuta ƙarfe nawa ne a duka biyun.

Mataki na takwas: ranakun dawowa

A kowace dawowa a sake tambaya a taƙaice: “Har yanzu kin yarda mu ci gaba?” A ce a rana ta 7 uwa ba ta zo ba. Ma'aikaciya za ta iya bin ta gida in an faɗi haka a takarda tun farko kuma ta yarda. Ta je ta tarar kakar yaron ta hana, tana cewa jinin da ake ɗiba ne ya sa jikanta ya rame. A gaishe da tsohuwa, a nuna mata gilashin da ɗigon da ake ɗauka, a saurari damuwarta, a duba yaron ko akwai abin da ke damunsa da gaske. In bayan haka uwa ta ce a bar shi, an bar shi. Ba a kai ƙara wurin mai unguwa, ba a ambaci kuɗin motar da aka riga aka bayar, ba a neman ta kawo dalili. A rubuta ranar janyewa a fom, a tambaye ta ko ta yarda a yi amfani da bayanan da aka riga aka tattara da jinin da aka ajiye, a rubuta amsarta gaban shaida. Sannan a tuna mata alamun da in ta gani za ta garzayo da yaron asibiti, wato zazzaɓi ya dawo, ko amai ba tsayawa, ko suma, a kuma sanar da ma'aikatan asibitin cewa a karɓe shi a duba shi kamar kowane yaro.